Babi na Biyu Ba Jerin Gwano Ba Ne: Darasi Daga Madatsar Bakalori

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri ko babbar difloma sukan yi ta sintiri a ƙofar ofisoshin malamai, kowa da fayil a hammata. Babi na ɗaya yakan wuce ba tare da wata jayayya ba. Inda ake yin cirko-cirko shi ne babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi yana ganin ya yi ƙoƙari, tunda ya kwana yana karatu, ya tara sunayen masana sun cika shafuka. Malami kuwa ya karanta ya ja jan layi ya ce a sake. Sau da yawa ba a gaya wa ɗalibin abin da ya sa, shi kuma kunya ba ta barinsa ya tambaya. Wannan rashin bayanin nake so in gyara a nan, kuma zan yi amfani da misalin da duk ɗan Talata Mafara da Bakura da Maradun ya sani tun yana goye, wato madatsar ruwa ta Bakalori.

Wani ɗalibi ɗan Bakura ya taɓa kawo mini babinsa na biyu. Mahaifinsa yana da gona a cikin filin noman rani, shi da kansa ya tashi yana dashen shinkafa a bakin magudana. Taken aikinsa yana da kyau: yadda aikin Bakalori ya shafi mallakar gona a tsakanin ƙananan manoma. Ya rubuta shafi 14, ya kawo madogara 18, kowace da sakin layinta. Idan aka tattara abin da ke ciki, ga yadda tafiyar take:

"Wallace (1980) ta yi nazari a kan manyan ayyukan gona da mallakar ƙasa a Arewacin Nijeriya. Adams (1985) ya yi bincike a kan abin da madatsar ta jawo wa mutanen da ke gangaren kogi. Haka kuma Andrae da Beckman (1985) sun rubuta littafi a kan alkama. Haka kuma Adams (1988) ya yi nazari a kan boren manoma. Haka kuma Yahaya (2002) ya duba ci gaban aikin da matsalolinsa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Duk waɗannan mutane sun yi rubutun da ya ce sun yi, a shekarun da ya faɗa. Na ajiye takardun na ce masa, "To samari, su waɗannan masana da ka jera, a kan me bakinsu ya zo ɗaya, a kan me suka saɓa?" Ya yi shiru yana juya biro a hannu, can ya ce, "Malam, ni dai na karanta su duka." Na kuma yarda ya karanta. Abin da bai yi ba shi ne ya zaunar da su wuri ɗaya su fuskanci juna. Ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi sallama, ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya fita.

A ganina, hanya mafi sauƙi ta gane babi na biyu ita ce a tuna da zaman shari'ar gona. Alƙali ba ya tara shaidu don ya ji tarihin rayuwar kowannensu. Yana da tambayoyi: ina iyakar take, wa ya fara sharar wurin, an sayar ne ko jingina aka yi? A kan kowace tambaya yake jin abin da shaidu suka ce, ya lura da inda maganarsu ta dace da inda ta ci karo, ya kuma auna wanda ya gani da ido da wanda labari ya ji. Ɗalibi a babi na biyu shi ne alƙalin, masana su ne shaidu, tambayoyin kuma su ne jigogi. Saboda haka jigo ne ke riƙe da sakin layi, sunan masani yana shigowa ne a matsayin hujja.

Kafin in nuna yadda muka warware aikin wannan ɗalibi, bari in tuna wa mai karatu asalin zancen, domin jigogin daga cikinsa za su fito. An gina madatsar Bakalori a kan Kogin Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa kamar ruwan sama, aka kammala ginin a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi kwangilar, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce uwar aikin. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara a shayar da hekta 23,000. Ruwan tafkin ya ci gonaki da gidaje a ɓangaren Maradun, aka tashi jama'a. A ɓangaren Mafara da Bakura aka karɓi gonaki don a baje su a ja magudanai, da alkawarin za a mayar wa masu su. A can gangare kuma, ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadama ta ragu. Rikicin diyya da jinkirin mayar da gonaki ya kai manoma ga tare hanyoyi, har aka kai ga abin da ya faru a ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta aka kashe mutane. Wannan labari ɗaya ne, amma kowane masani ta wata ƙofa ya shige shi.

Abu na farko da na sa ɗalibin ya yi shi ne ya rufe babin da ya rubuta, ya ciro falle biyu daga tsakiyar littafin rubutu ya shimfiɗa a kwance. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, ya jera madogaran 18. A sama kuma ya ja gidaje: a ina aka yi binciken, yaushe mai binciken ya je wurin, da wa ya yi magana ko wace takarda ya dogara da ita, me ya gano, a shafi na nawa. Gidan "me ya gano" shi ne mai wahala, domin na hana shi rubuta "ya yi nazari a kan kaza". Wannan take ne kawai. Abin da ake so shi ne hukuncin da mai binciken ya yanke, cikin jimla ɗaya ko biyu, da kalmomin ɗalibin kansa. Maimakon "Adams ya yi bincike a kan gangaren kogi", sai ya rubuta cewa Adams ya gano raguwar ambaliya ta sa manoman fadama sun rage noman shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ma ya ragu. Ka ga yanzu akwai magana da za a iya kwatantawa da ta wani.

A nan asirin wasu madogaran ya tonu. Guda huɗu daga cikin 18 ya kasa cike musu wannan gida, saboda taƙaitawar da ke farkon maƙala kawai ya karanta. Biyu kuma ba su da alaƙa da tambayarsa ko kaɗan: ɗaya a kan nau'in ƙasar noma ce, ɗaya a kan ingancin ruwan sha. Ya sa su ne don sunan Bakalori ya fito a takensu. Muka cire biyun nan, ya koma ya karanta huɗun can da kyau. Gidan "yaushe ya je wurin" ma ya buɗe masa ido. Shekarar da aka buga maƙala daban, shekarar da aka tattaro bayanin daban, kuma tsakaninsu kan kai shekara uku ko biyar. A wuri irin Bakalori, inda al'amura suka juya cikin ɗan lokaci tsakanin 1978 da 1980, sanin lokacin da mutum ya tsaya a gonar yana sauya ma'anar abin da ya faɗa.

Da teburin ya cika, sai na ce ya daina karanta shi a kwance, layin mutum ɗaya bayan ɗaya, ya koma karanta gidan "me ya gano" daga sama har ƙasa, yana sa alama a duk inda magana iri ɗaya ta maimaitu. Ya yi amfani da biro kala uku. Duk inda aka yi zancen karɓe gona, diyya, sayarwa ko haya, ya sa ja. Duk inda aka yi zancen ruwa, wa ya samu wa ya rasa, ya sa shuɗi. Duk inda aka yi zancen dalilin da ya sa aikin bai cika alkawarinsa ba, ya sa baƙi. Bai ɗauki sa'a biyu ba sai ga jigogi uku sun fito da kansu. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibai su riƙe: ba a zama a ƙirƙiro jigogi tun kafin a yi karatu sannan a cusa masana a ciki da ƙarfi. Daga cikin abin da aka karanta suke tsirowa, tambayar binciken kuma ita ke zaɓar wanda za a bari da wanda za a cire.

Ɗalibin ya so ya bi wata hanya da ta fi sauƙi, ya kasa babin gida uku bisa wuri: Maradun a sama, Mafara da Bakura a tsakiya, fadama a gangare. Ba laifi ba ne, kuma da a ce tambayarsa ita ce kwatanta halin da yankunan uku suka shiga, da wannan rabon ya fi dacewa. Amma shi a kan mallakar gona yake tambaya, ita kuwa ta ratsa duka wuraren. Da ya bi wuri, da zancen diyya ya tsage gida biyu, rabi a Maradun rabi a Bakura, mai karatu bai ga cewa matsala ɗaya ce ba. Tambaya ɗaya takan karɓi rabo iri kaza, wata ta ƙi shi. Shi ya sa kwafar ƙananan kanun babin wani ɗalibi, ko da takenku ya yi kama, takan kai mutum ga ɓata.

Sai kuma batun sa wa jigo suna. Ya fara rubuta "Mallakar ƙasa" a matsayin kan magana. Na ce wannan sunan akwati ne, ana iya zuba komai a ciki, kuma in ya bar shi haka zai koma jera masana a ƙarƙashinsa, jerin gwanon dai bai mutu ba, an dai raba shi gida uku. Na sa ya rubuta a gefen takarda jimla cikakkiya wadda za a iya yarda da ita ko a musanta ta. Bayan gwaji uku ya kawo wannan: "Masana sun yarda cewa aikin ya raunana riƙon da ƙaramin manomi ke yi wa gonarsa, amma sun saɓa a kan dalili." Wannan jimla ita ta zama farkon sashen. Ga kusan yadda sakin layin ya koma bayan gyara:

"Masu binciken da suka duba manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa sun haɗu a kan cewa ƙaramin manomi ne ya fi shan wahala wajen mallakar gona. Wallace (1980), wadda mafi yawan aikinta a yankin Kogin Kano ta yi shi, ta nuna yadda irin waɗannan ayyuka ke sa gonaki su riƙa fita daga hannun marasa ƙarfi zuwa hannun masu hali. A Bakalori kuwa, Adams (1988) ya nuna cewa karɓe gonaki don gyara da jinkirin mayar da su, haɗe da matsalar diyya, su suka hura wutar boren. Inda aka rabu shi ne fassarar abin. Adams ya fi karkata ga kurakuran tsarawa da na manufar rabon ƙasa. Beckman (1985) kuwa yana kallon rikicin a matsayin karo tsakanin talakawa manoma a gefe ɗaya da gwamnati da masu jari a ɗaya gefen. Wannan saɓani ya shafi binciken nan kai tsaye, domin in kuskuren tsari ne, gyaran tsari zai iya maganinsa, in kuwa rinjayen masu ƙarfi ne, ana iya gyara magudanai gonaki su ci gaba da sulalewa."

A duba abin da ya sauya. Masana uku sun shiga sakin layi ɗaya. Jimlar farko ta ɗalibin ce, ta ƙarshe ma tasa ce, masana suna tsakiya suna ba da shaida. Ya kuma gaya wa mai karatu cewa Wallace ba a Bakalori ta fi yin aiki ba, don kada a ɗauki shaidar Kogin Kano a matsayin shaidar Bakura ba tare da an sani ba. Kalmomin haɗi ma sun sauya. Da can "haka kuma" ce ke ɗauke da babin gaba ɗaya, ita kuwa ba ta nuna komai sai ƙari. Yanzu akwai "sun haɗu a kan", da "inda aka rabu", da "kuwa", da "domin". Kowace cikinsu tana tilasta wa marubuci ya san dangantakar da ke tsakanin magana biyu kafin ya sa ta.

Ɗalibin ya ɗaga kai ya ce, "Malam, to ai Adams zai sake fitowa a zancen ruwa. Ba maimaici ba ne?" Na ce ko kusa. Shaida ɗaya yana iya amsa tambaya uku a zama ɗaya. Maƙalar Adams ta 1985 tana da gurbi a jigon ruwa, ta 1988 tana jigon ƙasa, kuma duka biyun suna da abin cewa a jigon dalilin gazawa. Haka littafin Andrae da Beckman na 1985. A jerin farko an ce kawai "sun rubuta littafi a kan alkama", kamar ba shi da haɗi da Bakura. Alhali hujjarsu ita ce Nijeriya ta faɗa tarkon dogaro da alkamar waje, aka kuma kafa hujja da burin noma ta a gida wajen gina manyan ayyukan ban-ruwa masu tsada a Arewa, Bakalori na cikinsu, ba tare da burin ya cika ba. Da aka sa wannan a jigo na uku, sai ya bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa aka zaɓi aiki mai girman haka tun farko, duk da cewa rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a tafi a hankali. In ka ga kowane masani sau ɗaya tak ya fito a babinka, to ka yi zargin har yanzu jeri kake yi.

Akwai wuri ɗaya da nake so in daɗe a kansa, domin nan ne amfanin wannan hanya ya fi fitowa, kuma nan ne ɗalibai suka fi jin tsoro. Mutum nawa aka kashe a Afrilun 1980? Adadin da hukuma ta bayar bai kai 30 ba. Wasu majiyoyi sun ce an haura 380. A tsarin jeri, ɗalibi yana iya rubuta adadi ɗaya a shafi na 3, ya rubuta ɗayan a shafi na 9, shi kansa bai lura sun ci karo ba. Ko kuma ya lura ya ɓoye ɗaya, yana ganin saɓani aibi ne ga kundinsa. A tsarin jigo dole adadin biyu su zauna a jimla ɗaya, dole kuma ɗalibi ya tambaya: wa ya faɗi wannan, daga ina ya samo, mene ne matsayinsa a rikicin? Ba a ce ɗalibin digirin farko ya yanke hukuncin da manya suka daɗe suna jayayya a kai ba. Abin da ake so ya nuna akwai saɓanin, ya faɗi tushen kowane adadi, ya bar mai karatu da haske. Ga ɗan Mafara ko Bakura wannan ba lissafi ba ne kawai, tunda akwai gidajen da har yau suna tuna wanda ya fita ran nan bai dawo ba. Haƙƙinsu ne a rubuta abin da gaskiya da natsuwa.

A nan ma akwai wani tarko. Ɗalibi yakan ga maƙala biyar sun kawo adadi ɗaya, ya rubuta cewa "masana da dama sun tabbatar". Idan ya bi madogarar kowace, sau da yawa zai tarar duka biyar ɗin daga tushe ɗaya suka ɗebo. Wannan shaida ɗaya ce aka maimaita sau biyar. Gidan nan na tebur mai cewa "da wa ya yi magana ko wace takarda ya dogara da ita" shi ke kama irin wannan. Kuma in ba ka ga aikin Beckman da idonka ba, a cikin maƙalar wani ka tsince shi, to ka faɗi haka a fili. Malamin da ya san fagen yakan gane mai ambaton abin da bai karanta ba daga tambaya ɗaya a ranar kare kundi.

Daga ƙarshen babin ake zuwa abin da sassan Hausa na jami'o'inmu ke kira hujjar ci gaba da bincike, wato giɓin da ɗalibi zai cike. A tsohon babin, yaron nan ya rufe da cewa babu wanda ya taɓa yin bincike a kan wannan batu. Magana ce da kusan kowane kundi ke ɗauke da ita, kuma da wuya ta zama gaskiya. Teburin ya ba shi abin da ya fi wannan ƙarfi. Da ya dubi gidan shekaru, sai ya ga mafi nauyin madogaransa a kan mallakar gona na shekarun 1980 ne. Tun daga lokacin abubuwa da yawa sun faru. Famfunan yayyafi da aka tsara su shayar da mafi yawan filin sun daina aiki. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban-ruwa a Arewa, Bakalori na ciki, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Sai ya rubuta cewa a cikin ayyukan da hannunsa ya kai gare su, an yi bayani sosai a kan yadda gonaki suka kuɓuce a farkon aikin, amma kaɗan ne suka duba wanda ke riƙe da gona a Bakura bayan gyaran baya-bayan nan, ko mai ita ne ke nomawa ko ɗan haya. Wannan giɓi ne da mai karatu ya riga ya gani da idonsa a cikin jigogin kafin a faɗa masa.

Tunda na ambaci 1996, bari in ɗan ratse in ba da shawarar da za ta rage wa ɗalibi wahala wajen nema. Mafi yawan rubutun da aka yi kafin wannan shekara, Jihar Sakkwato zai ce, har ma maƙalar Yahaya ta 2002 Sakkwato ta ambata a takenta. Wanda ya dage da sa sunan Zamfara a Google Scholar zai rasa mafi muhimmancin ayyukan. A kuma gwada rubutun sunan iri biyu, "Bakolori" da "Bakalori", sannan a haɗa da "Sokoto Rima". Kundayen da ke ɗakunan karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello ma sun cancanci a yi musu tattaki, domin ba duka ne ke kan intanet ba.

Na san abin da wasu ɗalibai za su ce, kuma suna da gaskiya. A sassa da dama, musamman na harshe da adabi, al'adar da aka gada ita ce a raba babi na biyu bisa nau'in madogara: bugaggun littattafai, sannan kundayen digiri, sannan maƙalun mujallu. Wannan tsari yana nuna wa malami cewa ɗalibi ya zagaya ko'ina, amma bisa sifar takarda ya raba, bai raba bisa abin da takardar ta ce ba. Littafi da kundi da maƙala da suke jayayya a kan abu ɗaya sai su kwana a ɗakuna uku ba su haɗu ba. Ban ce ɗalibi ya yi fito-na-fito da malamin da ke duba aikinsa ba. Ya ɗauki teburinsa da jimlolin jigoginsa ya kai masa cikin ladabi, ya nemi izini. Malamai da yawa za su yi murna. In kuwa ƙa'idar sashe ce ba ta sauyuwa, to ya bi ta, amma a cikin kowane kashi ya haɗa masu magana ɗaya, sannan ya ƙara shafi biyu a ƙarshe inda zai tara su bisa jigo kafin ya kawo hujjar ci gaba da bincike.

Ita kanta hanyar jigo tana da iyaka. In tambayar ɗalibi ita ce yadda ra'ayin masana a kan manyan madatsai ya sauya daga zumuɗin shekarun 1970 zuwa sukar shekarun 1980, to bin shekaru shi ne daidai, domin sauyin shi ne abin nazari. In kuma madogara biyar kacal aka samu, raba su jigo huɗu wasa ne, gara a yi sashe ɗaya mai kyau. Ga kundin digirin farko mai madogara 15 zuwa 25, ni dai jigo uku ko huɗu nake ganin sun isa. In sun kai bakwai, yawanci wasu 'yan ɗaki ɗaya ne da ya kamata a haɗe. Kuma ba dole tsawonsu ya zo ɗaya ba. Ɗalibin nan ya ba jigon ƙasa shafi 5, domin shi ne zuciyar tambayarsa, ya ba jigon ruwa shafi 2 kawai. Ya kuma jera su daga na nesa zuwa na kusa: dalilin gazawar aikin, sannan ruwa, sannan ƙasa, yadda mai karatu zai fito daga jigo na ƙarshe ya faɗa kai tsaye cikin giɓin.

Babin da ya dawo da shi bayan mako biyu shafi 11 ne, madogara 16. Ya fi na farko gajarta, ya kuma fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Da na sake yi masa tambayar nan ta ranar farko, bai dubi takarda ba ya amsa, har ya ƙara da cewa a ganinsa abin da ya ji daga bakin dattawan garinsu ya fi kusa da fassarar Beckman, amma zai jira bayanan da zai tattaro kafin ya yanke.

Kai ɗalibin da ke Jami'ar Jihar Zamfara ko Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ko a ina kake karatu, ɗauko babinka na biyu yau da dare. Karanta kalmar farko ta kowane sakin layi, ka ƙirga nawa ne suka fara da sunan mutum da shekara a baka. Sannan ka ɗauki sakin layi na uku ka musanya shi da na takwas, ka sake karantawa. In babu abin da ya lalace, to ciro falle biyu daga tsakiyar littafinka, ka fara jan tebur kafin ka koma wurin malaminka.